«Matar mutum kabarinsa» da Ingilishi: yadda za a juya saƙon biki daɗinsa bai zube ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ƴar Birni ce a nan Damagaram. Yayana zai auri wata ƴar Gambiya da suka haɗu wajen karatu. Musulma ce, Ingilishi take ji, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Na rubuta musu saƙon murna da Hausa, na sa «garin masoyi ba ya nisa», «matar mutum kabarinsa», «sanyin ido», «amarya ba kya laifi» da «Allah ya kawo ƙazantar ɗaki». Da na juya shi zuwa Ingilishi sai ya koma abin tsoro. Su ma danginta sun aiko da nasu, suna so a karanta da Hausa ranar walima: *A match made in heaven. Wishing you a lifetime of love and laughter.* Yaya zan yi?

Amsa:

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Kafin ki sake buɗe ƙamus, ki ɗauki maganganun nan naki ɗaya bayan ɗaya, ki yi wa kowace tambaya guda: in Bahaushe ya faɗe ta a gidan biki, me yake yi da ita? Addu'a yake yi, ko yabo, ko tsokana, ko nasiha, ko lallashi? Amsar da kika samu ita ce kayan da za ki kai wa amarya. Hoton da ke cikin maganar, wato kabari ko gari ko ɗaki, in ya yarda ya bi ki zuwa Ingilishi to madalla, in ya ƙi ki bar shi a gida. Masu nazarin fassara sun daɗe da tsayawa a kan wannan ma'auni. Tun 1964 Eugene Nida ya bayyana shi da cewa fassara ta yi kyau idan mai karanta ta ya ji abin da mai jin asalin maganar ya ji. A saƙon biki ma'aunin ya fi tsanani, domin amarya sau ɗaya za ta karanta cikin hayaniya, kuma babu wanda zai tsaya a gefenta yana yi mata sharhi.

Mu fara da mai sauƙi. «Garin masoyi ba ya nisa» tana ƙetarawa yadda take, ba sai an taɓa ta ba:

*The town of the one you love is never far.*

Dalili shi ne hoton nata na kowa ne. Duk wanda ya taɓa son wani ya san tafiya ba ta yi masa tsawo. Kuma a wannan aure maganar ta faɗa daidai wurinta: yarinya ta baro bakin teku, ta tsallako ƙasashe, ta sauka Yamai, sannan ga wata tafiyar kusan kilomita 900 kafin ta ga duwatsun Birni. Abin da zan ja miki kunne a kai kawai, kada wani ya ce miki ai Ingilishi na da irinta, ya ba ki *absence makes the heart grow fonder*. Wannan cewa take rabuwa na ƙara so, tamu kuwa cewa take so na rage nisa. Duk suna zancen nisa da ƙauna, amma ba saƙo ɗaya suke ɗauke da shi ba, kuma ranar da mutane suka haɗu ba ranar yabon rabuwa ba ce. Ki sa mata gabatarwa ƴar kaɗan, *our people say*, don amarya ta san karin magana ce ta gidan da ta shigo. Wannan ma kyauta ce a gare ta.

Yanzu ga wadda ta tsorata ki. In Bahaushe ya ce «matar mutum kabarinsa», ba mutuwa ce a ransa ba. Abin da yake nufi shi ne, kamar yadda ba wanda ya san inda za a binne shi, ba kuma wanda zai shiga kabarin wani, haka matar da aka rubuta wa mutum: ko tana bayan duniya sai ya same ta, kuma ba mai aure masa ita. Magana ce ta imani da ƙaddara. Kunnenmu ya saba da ita har ba ma jin kabarin, rabon kawai muke ji. Mai jin Ingilishi bai yi wannan sabo ba. In ya karanta cewa matar mutum ita ce kabarinsa, abin da zai fahimta shi ne mace ce ke kashe mijinta, ko aure ne ƙarshen jin daɗin namiji, domin a barkwancinsu akwai irin wannan zance da yawa. Amarya baƙuwa, nesa da uwarta, ta buɗe saƙon ƙanwar mijinta ta ga haka, kin san abin da zai faɗo mata a rai.

To kabari ya tsaya a gida. Saura me za a kai? Abu biyu ne a cikin maganar: Allah ne ya rubuta, kuma abin da ya rubuta ba ya kuskure. Ingilishi na da *meant for each other*, kuma ba laifi, sai dai ta yi sauƙi, ba ta faɗi wanda ya nufa ba, har katin sayarwa ma ita ake bugawa a kai. Tunda amaryarku Musulma ce, ta san alƙalami ya bushe, ni da zan rubuta cewa zan yi:

*Allah wrote your names side by side long before you met.*

Wato Allah ya rubuta sunayenku gefe da gefe tun kafin ku haɗu. Ƙaddara tana nan, rubutu yana nan, an kuma sami taushi da ya dace da ranar. An yi asarar wani abu, ba zan ɓoye miki ba: nauyin nan da kabari ke ba maganar, wanda ke sa dattijo ya gyaɗa kai ya yi shiru, bai ƙetare ba. Na yarda da wannan asara, domin in aka nace sai an riƙe nauyin, amarya ce za ta biya kuɗinsa da ɓacin rai.

Akwai kuma abin da ya kamata ki duba ko a Hausar. Ki tuna lokutan da kika ji ana faɗin wannan karin magana. Sau da yawa ana faɗinta ne in an sha gwagwarmaya kafin aure ya yiwu, ko ana ba wanda ya rasa haƙuri: ya yi shekara yana nema, wani ya zo ya aure, sai a ce masa ka yi haƙuri, matar mutum kabarinsa. Don haka in akwai wata da dangi suka so Yaya ya aura, wata ƴar'uwa ko ƴar maƙwabta, kuma ita ko uwarta za su zauna a wurin walimar, to maganar za ta zama habaici ko ba ki nufa ba. In babu irin wannan, ki bar ta a saƙon Hausa, tana da kyau. In akwai, ki ce «haɗin Allah» ki wuce.

«Sanyin ido» ita ce na fi so mu daɗe a kai, don abin da ke cikinta zai yi miki amfani a duk wata fassara da za ki yi nan gaba. Hausa da Ingilishi sun raba hanya a kan zafi da sanyi. Mu da muke ganin Afrilu da Mayu a Damagaram, rana ta haura digiri 40, mun ajiye alheri a wajen sanyi: raina ya yi sanyi, ya sanyaya mini zuciya, tana da sanyin hali, inuwa mai sanyi. Zafi kuwa mun ba shi faɗa da wahala: zafin rai, zafin kai, zafin hannu, abin ya yi mini zafi. Ingilishi ya tashi a tsibiri mai hazo da hunturu, sai ya ajiye ƙauna kusa da murhu. A wurinsu zuciya mai ɗumi ita ce ta kirki, maraba mai ɗumi ita ce ta gaske, wanda aka ce yana da sanyi kuwa shi ne marar tausayi, mai shan ƙamshi. Saboda haka in kika yaba wa amarya da sanyin hali kika rubuta *cold* ko *cool*, kin ce mata ba ta da fara'a. Kalmar da ke ɗauke da abin da kike nufi ita ce *gentle*. Haka in danginta suka aiko da *warm wishes* wani ya juya ta «gaisuwa mai zafi», ya ɓata. «Gaisuwa mai yawa» ko «gaisuwar ƙauna» ake cewa.

Sai dai «sanyin ido» na da wata ƙofa da sauran ba su da ita. Asalinta a Alƙur'ani take, Suratul Furƙan aya ta 74, inda bayin Allah ke roƙon ya ba su sanyin idanu daga matansu da zuriyarsu. Musulmin da ke karanta fassarar Alƙur'ani da Ingilishi sun saba ganin *coolness of our eyes* ko *comfort of our eyes*, har suna sa ta a katin aurensu. Ke nan a nan ba harshe ne kaɗai zai yanke hukunci ba, sai kin san wace ce mai karantawa. Ga amaryarku, Musulma daga ƙasa mai zafi, ana iya barin sanyin, za ta gane, wataƙila ma ta ji ayar a bayan maganar. Da saƙon na abokin aiki ne Bature wanda bai taɓa jin ayar ba, da sai in ce ki ɗauki *comfort*, wato kwanciyar hankali, ki bar sanyi. Tunda saƙonki zai iya yawo a wayoyin ƙawayenta da ba mu san su ba, *comfort of his eyes* ta fi tsira, kowa zai fahimce ta.

Za ki ji wani ya ce ai daidai da ita shi ne *the apple of my eye*. Ido ne ya haɗa su kawai. Waccan tsohuwar magana ce, tana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, kuma abin da ake nufi da ita a asali ƙwayar ido ce, abin da mutum ya fi karewa a jikinsa. A yau an fi faɗinta tsakanin uba da ƴarsa ko kaka da jika, ma'anarta ta fi kusa da «ƴar lele» ko «shalele». Tamu tana zancen natsuwar da mutum ke samu in ya dubi iyalinsa. In kin sa waccan ba za a ji haushi ba, amma addu'ar ta fita, ta koma shagwaɓa.

«Amarya ba kya laifi» tsokana ce da maraba a haɗe, kuma ke kina da ikon yinta, don tsakanin ƙanwar miji da matar wa akwai wasa. Rabin farko yana ƙetarawa lafiya:

*In our house a new bride can do no wrong.*

Rabi na biyu, «ko kin kashe ɗan masu gida», kada ki kusance shi. A bakinmu zuguguntawa ce da kowa ya san ba gaskiya ba ce, ana faɗinta da guɗa da dariya, fuska da murya suna fassara ta. A rubuce, cikin wani harshe, ba guɗa ba fuska, kisan yaro kawai zai rage a takarda. Ko mu ma ai sau da yawa rabin karin magana muke faɗi mu bar mai ji ya cika, to ki yi haka nan.

Sai «ƙazantar ɗaki». Wannan magana kunya ce ta haife ta. Ba ma son mu fito fili mu ce wa sabbin ma'aurata Allah ya ba ku haihuwa, musamman a gaban surukai, sai mu kewaya ta abin da jariri ke jawowa: tsumma, fitsari a tabarma, ɗakin amarya da aka jera tsaf ya hargitse. A cikinta akwai addu'a, akwai kunya, akwai ɗan murmushi. In kika juya kalmomin, datti kawai zai isa. Abin sha'awa, Ingilishi ma yana jin nauyin faɗin wannan kai tsaye, shi ma yana da tasa kewayawar, *the patter of tiny feet*, wato ƙarar ƴan ƙananan sawu a tsakar gida. Wannan ita ce irin dacewar da mai fassara ke nema: hoto ya bambanta, amma aikin ɗaya ne, kunyar ɗaya ce, murmushin ma ɗaya ne. Za ki iya cewa:

*May your home soon know the patter of tiny feet.*

In kuma iyayenta ne za su fara karantawa, kina son ta fi nauyi, ki koma ga «Allah ya ba da zuriya ta gari», *may Allah bless you with righteous children*. Wasu Turawan yau suna ganin zancen haihuwa a katin aure shisshigi ne. Dangin Gambiya ba haka suke ba, addu'a ce da su ma suke yi, don haka ki sa abinki.

Akwai biyu da ba ki ambata ba amma na san za a ba ki shawarar ki ƙara, shi ya sa zan riga su. Ta farko «so hana ganin laifi». Tana da abokiya a Ingilishi da ta yi daidai da ita ƙwarai, *love is blind*, kuma wannan daidaiton ne ke ruɗin mutane su ɗauka sun yi dace. A harsunan biyu abin da take cewa shi ne akwai aibi, so ne ya rufe ido. Ba a faɗa wa amarya haka ranar aurenta. Ta biyu ita ce haƙuri: «zo mu zauna, zo mu saɓa», «mahaƙurci mawadaci», «tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa». Waɗannan gaskiya ne, amma nasiha ce, nasiha kuwa ta iyaye ce da gwaggonni daren da za a kai amarya. Daga bakin ƙanwa ta yi girma. Da Ingilishi abin ya fi muni, domin *be patient with him* a kunnen baƙuwa gargaɗi ne, kamar kina shaida mata Yaya na da wani hali da ba a gaya mata ba. Mu in mun ce haƙuri muna nufin ginshiƙin zama ne gaba ɗaya, kalmarsu ba ta ɗaukar wannan faɗin.

Wani tarko na mu ƴan Nijar: da yake da Faransanci muka yi lakwal, sau da yawa magana takan bi ta can kafin ta isa Ingilishi. Sai mutum ya ɗauki *heureux ménage* da muke rubutawa a kati ya mai da ita *happy household*, wadda ba mai cewa. Ki tashi daga Hausa kai tsaye, kada ki yi zango a Faransanci, don kowane zango da abin da yake zubarwa.

Ga yadda zan haɗa saƙon. Na Hausa, wanda Yaya da dangi za su ji:

«Yaya da amaryarmu, barkanku da wannan rana. Hausawa sun ce garin masoyi ba ya nisa, yau mun gani da idonmu. Matar mutum kabarinsa, abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa. Amarya, kin zo gidanku, ba kya laifi. Allah ya sa ki zame wa Yaya sanyin ido, shi ma ya zame miki. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kaɗe fitina, ya kawo ƙazantar ɗaki.»

Na Ingilishi, wanda za ki tura wa amarya:

*To Yaya and my new sister: congratulations on this blessed day. Our people say the town of the one you love is never far, and today we have seen it. Allah wrote your names side by side long before you met. My sister, you are home now, and in our house a new bride can do no wrong. May you be the comfort of his eyes, and he of yours. May Allah give you peace, keep trouble far from your door, and soon fill your home with the patter of tiny feet.*

Ki lura da abubuwa biyu. Na bar «Yaya» yadda take, don ba kya kiran sunan wanki, kuma amarya za ta ji ana kiransa haka kullum, gara ta fara sabawa daga saƙonki. «Amaryarmu» kuwa na mai da ita sabuwar ƴar'uwata. Mu muna cewa «matarmu» da alfahari, ma'ana duk gidan ya karɓe ta, amma *our wife* ba kowane mai jin Ingilishi ke fahimtarta haka ba, wani zai ji kamar an raba ta ne tsakanin mutane. In kina son ki rufe da addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa ma'aurata, «Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair», wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ki bar ta da Larabci a saƙonnin biyu. Ita ba ta bukatar fassara, a Banjul da Damagaram lafazi ɗaya ake yi.

Mu juya ga na danginta. Layin farko, in aka bi kalmomi, zai fito «haɗin da aka yi a sama» ko «a Aljanna», sai tsofaffi su tsaya suna tambayar wace sama. A bakin masu Ingilishi na yau maganar yabo ce, cewa take mutanen nan biyu sun dace ƙwarai, kamar daga sama aka zaɓa su. Muna da ita a shirye: «Wannan haɗin Allah ne, kun dace da juna.» Kin ga ta nan ita da «matar mutum kabarinsa» suka kusa haɗuwa, sai dai tasu ta fi karkata ga dacewa, tamu ga rabo. Shi ya sa na ƙara «kun dace da juna», don kada yabon ya ɓace a cikin ƙaddara.

Layi na biyu yana da matsala biyu. Ingilishi yana yin fata ba tare da ya ambaci mai bayarwa ba, yana cewa muna yi muku fata kawai. Hausa a gidan biki ba ta saba da haka ba, fatanmu «Allah ya» ne, jama'a su amsa da amin. To ko mai fassara na da ikon sa sunan Allah inda masu magana ba su sa ba? Ra'ayina, ya danganta da su waye. Waɗannan Musulmi ne, da da harshensu na gida suka rubuta da addu'a za su yi, katin Ingilishi ne ya koya musu wancan salo. Don haka mai da shi addu'a bai ci amanarsu ba. Da wasu ne da ba ki san imaninsu ba, sai ki tsaya a «suna yi muku fatan», kada ki sa musu magana a baki. Matsala ta biyu ita ce dariya. A wurinsu gidan da ake dariya shi ne gidan jin daɗi. In kika ce «Allah ya ba ku dariya» a gaban dattawa, maganar ta yi sakwa-sakwa, wani ma zai ji kamar «abin dariya». Kalmominmu na wannan wuri su ne farin ciki, walwala, raha. Haka «so»: a gaban surukai «ƙauna» ta fi kamun kai. Ga shi a haɗe:

«Dangin amarya suna gaishe ku. Sun ce wannan haɗin Allah ne, ango da amarya sun dace da juna. Allah ya bar su tare cikin ƙauna da walwala har ƙarshen rayuwa.»

Wataƙila wani ya ce a sa «mutu-ka-raba» a wurin «har ƙarshen rayuwa», don ya ji ana cewa ita ce *till death do us part*. Ma'anar ta yi kusa, amma waccan alkawari ne da ango da amarya ke yi wa juna da bakinsu a coci, daga littafin addu'o'in cocin Ingila na 1549 wanda aka gyara lafazinsa a 1662, ba fatan da dangi ke yi ba ne. Tamu kuma, da cikonta «takalmin kaza», ta fi zama a hirar ƙawaye. Dangin amarya ba su ambaci mutuwa ba, kada ki kawo musu ita.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji, kuma kada ki tsallake shi. Ki ba wani mai jin Ingilishi sosai saƙon Ingilishin kaɗai, wanda bai ga na Hausar ba, malamin Ingilishi na lise ko wata ɗaliba daga Jami'ar André Salifou, in kuma kina da lambar ƙanwar amarya ita ta fi kowa. Kada ki tambaye shi ko nahawu ya yi daidai, wannan tambaya ce ta daban. Ki ce masa: wa kake jin ya rubuta wannan, babba ne ko yaro, kuma da kai aka aiko wa me za ka ji? In ya ce ƙanwa ce mai murna da zuwan matar wanta, kin isa. In ya tsaya a wani layi ya ce me ake nufi a nan, ko ya yi dariya inda ba ki sa abin dariya ba, to wannan layin bai ƙetare ba. Kada ki gyara shi da ƙarin bayani a cikin saƙon, ki sauya shi ko ki cire.

Na Hausar kuwa, wanda kika juyo daga danginta, ki karanta wa Inna ko wata gwaggonki da ƙarfi, ba tare da kin ce fassara ce ba. In ta amsa da amin a inda ya kamata, ya zauna. In ta ce «wai me suka ce?», ki koma ki sake. Ranar walima kuma ki gaya wa mai karantawa ya fara da Ingilishin yadda suka aiko shi, don baƙi su ji an girmama maganarsu, sannan ya kawo Hausar, ya ɗan dakata bayan addu'ar har mata su gama amsawa kafin ya ci gaba.